Nas daga ƙauye mai neman aikin asibiti a waje: yadda za ki haɗa takardar bayaninki, daga lasisi zuwa yaren da kike ji

Salamu alaikum ƙannena ma'aikatan jinya, musamman ku da ke aiki a asibitocin ƙananan hukumomi na Jigawa da ƙauyukan Kano. Zan yi maganar da ke mace saboda ku kuka fi yawa a aikin, amma maza ku ma duk abin da na faɗa ya shafe ku. Maganar dai a kan takardar bayanin kai ce, wadda muke ce wa sibi, wadda za ki tura wa asibitin Saudiyya ko Dubai ko Ingila. Mutanenmu da yawa sun ɗauka sibi wajen yabon kai ne, sai ka ga an cika shafi uku da ni mai haƙuri ce, ni mai son marasa lafiya ce, ina aiki tuƙuru. Wallahi babu mai karanta wannan. Wanda zai duba takardarki a can abu uku yake nema: kina da lasisi mai rai, wane sashe kika iya aiki a ciki da gaske, kuma za ki iya magana da majinyaci da likita ba tare da an samu matsala ba. Kuma kowane layi da kika rubuta, sai an samu wani ofishi ko wani mutum daban da zai tabbatar da shi, ba ke ba. Idan babu mai tabbatarwa to layin nan bai da amfani, wani lokacin ma shi zai kashe miki neman gaba ɗaya.

Don kar maganar ta tafi a iska, mu ɗauki misalin wata sista, ba sai na kama suna ba. A ce ta gama makarantar nas a 2017 ta samu RN, ta ƙara ungozoma ta samu RM a 2019, tun lokacin kuma tana wani babban asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa, yau a ɗakin haihuwa, gobe a imajansi, jibi a ɗakin yara saboda ƙarancin ma'aikata. Tana jin Hausa da Fulatanci, ta yi Islamiyya har ta sauke, Turancinta na aiki ne. Irinta suna da yawa a Ringim da Gumel da Kazaure da Rano, kuma da ita za mu bi matakan.

Mataki na farko: zaɓi ƙasa kafin ki rubuta komai

Wannan ne mutane suke tsallakewa, sai su rubuta sibi ɗaya su riƙa watsa shi ko'ina. Kowace ƙasa da hukumar da ke ba nas izinin aiki, kuma asibiti ba zai iya sa ki a diyuti ba sai da izinin nan. A Saudiyya SCFHS ce, ana yin komai a shafinta na Mumaris Plus. A Dubai DHA ce, Abu Dhabi kuma tata daban, DOH. A Ingila NMC ce. Amurka kowace jiha da hukumarta, kuma sai kin ci jarrabawar NCLEX-RN, hanyar ta fi tsawo da cin kuɗi, don haka ba zan tsaya a kanta ba. Jamus kuma sai kin koyi Jamusanci ya kai matakin B2, wanda ga mai diyutin dare a ƙauye ba ƙaramin aiki ba ne. Hanya biyu da na ga sun fi dacewa da mutanenmu su ne Saudiyya da Ingila, su zan bi.

Amma kafin nan ki tambayi kanki gaskiya, wace takarda ce a hannunki? Idan CHEW ce ke ko JCHEW, a ƙauye kowa nas yake ce miki kuma kina aikin da ya fi ƙarfin sunanki, amma rajistarki ba ta hukumar nas ba ce, hukumomin waje ba za su karɓe ki a matsayin nas ba. Haka wadda ta yi gajeren kwas ɗin nas ko ungozoma ta karkara. Duk ejan ɗin da ya ce miki ba komai zai gyara, kuɗinki yake so. Hanyar ita ce ki koma makaranta ki samu cikakken RN tukunna.

Akwai kuma bambancin difloma da digiri. A Saudiyya mai digirin nas ana sa ta a rukunin Nursing Specialist, mai difloma kuma Nursing Technician, kuma albashi da irin asibitin da zai ɗauke ki suna bin wannan rabon. Sistarmu RN da RM gare ta ba digiri, to kar ta rubuta wa kanta matsayin da hukumar ba za ta ba ta ba. In tana da hali ta fara karatun BNSc, BUK na yi, jami'ar karatu daga gida NOUN ma na yi, ta rubuta a sibi cewa tana kan karatun da shekarar da take sa ran gamawa. Amma kar ta rubuta shi kamar ta gama.

Mataki na biyu: sunanki ya zama ɗaya a ko'ina

Nan ne mu Hausawa muke shan wahala fiye da kowa, shi ya sa zan daɗe a kai. Ki fito da takardunki duka ki shimfiɗa a kan tabarma: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin makarantar nas, satifiket ɗin rajistar NMCN wato hukumar nas da ungozoma ta Najeriya, lasisi, takardar NIN, fasfo, da takardar ɗaukar aiki. Ki karanta sunan harafi bayan harafi. Abin da za ki tarar zai ba ki mamaki. A firamare hedimasta ya sa miki sunan garinku a matsayin sunan ƙarshe, a sakandare an sa sunan baba, wani wajen Muhammad wani wajen Mohammed, wani wajen Abubakar wani wajen Garba saboda haka ake kiran baban a gari, bayan aure kuma an je yin NIN an sa sunan maigida. Mu a nan mun san mutum ɗaya ce. Ma'aikacin da ke zaune a Riyad ko Landan yana kallon kwamfuta bai san Garba shi ne Abubakar ba, mutum biyu yake gani.

Sai ranar haihuwa. Da yawanmu an rubuta mana 1 ga Janairu don ba a riƙe ranar ba, wata kuma an rage mata shekara biyu lokacin neman aikin gwamnati. To idan fasfo ya ce 1994 takardar makaranta ta ce 1996, sai an tsaya.

Abin yi shi ne ki ɗauki sunan da ke kan satifiket ɗin NMCN a matsayin tushe, saboda shi ya fi wahalar canzawa, sai ki gyara NIN ya dace da shi, sannan ki yi fasfo, tunda fasfo yanzu daga bayanan NIN yake ɗauka. In akwai bambancin da ba zai gyaru ba, kamar canjin suna bayan aure, ki je kotu ki yi takardar rantsuwa, ki buga sanarwar canjin suna a jarida, ki ajiye su tare da takardar aure. Ki gama wannan kafin ki biya ko sisi a wani shafi na waje, don gyaran suna bayan an buɗe fayil ya fi ciwon kai nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: lasisi

Satifiket ɗin rajista daban, lasisin aiki daban, kuma mutane suna haɗa su. Rajista sau ɗaya ake yi, lasisi kuwa yana da wa'adi, lokaci-lokaci ake sabunta shi, kuma sai kin halarci bitar MCPDP kafin a sabunta miki. A ƙauye babu mai tambayarki lasisi, sai ka ga sista ta shekara biyar tana aiki da wanda ya mutu ba ta ma tuna ba. Matsalar ita ce hukumar waje tana iya ƙin lissafa miki shekarun da kika yi aiki babu lasisi mai rai. Don haka yau ɗin nan ki duba ranar ƙarewar naki.

Bayan nan sai tantancewa. Hukumar waje ba za ta yarda da hoton lasisin da kika tura ba, tana so NMCN da kanta ta tabbatar mata cewa ke 'yar rajista ce kuma babu wani laifi a kanki, wato takardar Good Standing. Ana nema ta shafin NMCN. Ki sani cewa ƙa'idojin nan suna canzawa: a watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sabon tsari da ya ce sai nas ta yi shekara 2 tana aiki bayan samun lasisi kafin a tantance ta, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, shafin ya zauna a rufe wata da watanni, mutane da yawa sakamakon jarrabawarsu ya kusa lalacewa suna jira. Don haka ki karanta abin da ke shafin hukumar a ranar da za ki nema, kar ki dogara da abin da wata ta faɗa a guruf bara. Kuma kar ki yi gaggawar karɓar Good Standing tun ba ki shirya ba, a ƙasashen Larabawa yawanci ba a karɓar wadda ta wuce wata 6.

Idan Saudiyya kika nufa, takardunki za su bi ta DataFlow, kamfanin da aikinsa shi ne ya tuntuɓi makarantarki da NMCN da asibitin da kika yi aiki, ya tambaye su shin wannan takardar daga gare ku ta fito. To a nan ne 'yan ƙauye muke faɗuwa ba tare da mun yi ƙarya ba. Su aika imel zuwa asibitinku, asibitin kuwa imel ɗin da ke kan takardarsa wani akawu ne ya buɗe shi shekarun baya, an yi masa canjin wajen aiki ya tafi da lambar sirrin. Su kira waya, lambar ta tsohon shugaban asibiti ce da ya yi ritaya. Bayan sun gaji sai rahoto ya fito da Unable to Verify, wato ba su ce ƙarya ba ce amma ba su samu mai tabbatarwa ba, kuɗinki da watanninki sun tafi. Maganin abin shi ne ki je da ƙafarki wajen sakataren asibiti da metiron, ki gaishe su, ki ce ranka ya daɗe za a turo saƙo a kaina daga waje, wane imel da wace lamba ce ke aiki yanzu? Ki tabbatar su ne a kan takardar shaidar aikinki. Ki yi haka a makarantarku ma, wajen ofishin rajistara. Bayan kin tura, ki riƙa leƙawa kina tuna musu cikin ladabi. Kar kuma ki yarda a buɗe wani imel na bogi da sunan asibiti don ki amsa wa kanki, in aka gano rahoton zai fito da cewa takardar ba ta gaskiya ba ce, kuma wannan tabon yana bin mutum har sauran ƙasashen yankin tunda kusan dukkansu da DataFlow suke aiki. Bayan tantancewa sai a ba ki lambar cancanta ki zauna jarrabawar kwamfuta ta Prometric.

Ingila kuwa tsarin haka yake: ki buɗe fayil a NMC, ki ci jarrabawar Turanci, ki ci jarrabawar kwamfuta ta CBT wadda ake yi a cibiyoyin Pearson VUE tun kina Najeriya, sai jarrabawar gwajin aiki ta OSCE wadda sai kin sauka can za ki yi. CBT kashi biyu ce, lissafin magani tambaya 15 cikin minti 30, sai tambayoyin aiki 100 cikin awa biyu da rabi. Lissafin irin wanda kike yi kullum ne, a ce ruwa lita ɗaya zai shiga cikin awa 8 da layin da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita:

```
(1000 x 20) / (8 x 60) = 41.7
```

wato ɗigo 42 a minti. Matsalar kawai mu mun saba da kimantawa da ido, can kuma sai kin rubuta daidai. OSCE tasha 10 ce, ana kallonki kina aiki a kan mutum-mutumi ko ɗan wasan da ya zama majinyaci. Dan Allah kar ki yarda da mai cewa zai sa a rubuta miki CBT. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, aka soke sakamakon duk waɗanda suka zauna a wajen, har waɗanda sun riga sun fara aiki a Ingila abin ya shafa, masu laifi da marasa laifi duk suka shiga damuwa.

Wani abu ga irin sistarmu mai RN da RM: a Ingila rajistar nas daban ta ungozoma daban, kowacce da jarrabawarta. Sai ta zaɓi ɗaya ta fara da ita. Ni a ganina ta fara da nas ta manya, saboda guraben sun fi yawa, sai ta bar RM ɗin a sibi a matsayin ƙari.

A sibin, sashen lasisi ya zo sama, nan da nan bayan suna, kuma a taƙaice. Tunda da Turanci za a rubuta, ga kamanninsa:

```
Registered Nurse (NMCN), 2017. Licence valid to: MM/YYYY
Registered Midwife (NMCN), 2019
NMC UK: CBT passed MM/YYYY, OSCE pending
OET: L B, R B, S B, W C+ (MM/YYYY)
```

Kin ga kowane layi da kwanan wata, kuma abin da ba a gama ba an ce ba a gama ba. Lambar rajistarki ki sa ta a kwafin da za ki tura wa asibiti kai tsaye, amma kar ki sa ta a wanda za ki watsa a guruf ko shafin da kowa ke gani, haka lambar fasfo da NIN, akwai masu sata su yi aiki da sunan mutum.

Mataki na huɗu: wane sashe ne naki?

Nan ne sibin 'yan ƙauye yake fitowa da rauni alhali su ne suka fi kowa ganin aiki. Asibitin waje ba ya neman nas kawai, yana neman nas ta imajansi, ko ta tiyata, ko ta ICU, ko ta wankin ƙoda, ko ta jarirai. Sistarmu in ta rubuta na yi aiki a dukkan sassa, mai karantawa zai fahimci ba ta ƙware a ko ɗaya ba. In kuma ta rubuta ICU saboda ta ji ana biyan su da kyau, alhali asibitinsu ko injin numfashi babu, tambaya biyu a intabiyu za su tona ta.

Abin da za ta yi shi ne ta zauna da rosta da takardun canjin sashe ta lissafa watannin da ta yi a kowane waje. A ce ta tarar mafi yawan shekarunta a ɗakin haihuwa da imajansi ne. To su ne fuskar sibinta, sauran ta ambace su a layi ɗaya. A ƙarƙashin kowanne ta faɗi girman asibitin, gado nawa ne, gado nawa a sashen, majinyata nawa take riƙewa a diyuti ɗaya, sannan irin cututtukan da abin da ita take yi da hannunta. Ba na kula da mata masu ciki ba. A'a: karɓar mace mai jijjiga, ba ta allurar maganiziyam bisa umarnin likita da bibiyar numfashi da fitsari da hawan jini, tsayar da zubar jini bayan haihuwa, sa kanula da katita, ƙarin jini da lura da alamun ƙin jinin, farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, shirya mace zuwa tiyata da karɓarta bayan an fito. A imajansi kuma haɗarin mota da babur, saran maciji lokacin damina, yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya suma, mai ciwon suga da ya fita hayyacinsa. Wannan aikin da ke kike gani kamar ba komai ba, nas ɗin da ta tashi a asibitin da ke da likita a kowane lungu ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai a kansa da tsakar dare ba.

Sai dai a kula da abu ɗaya. A ƙauye dole tana sa mu yi aikin da ba namu ba, rubuta magani, ɗinkin babban rauni, wani lokacin har abin da ya fi haka saboda likita ɗaya ne kuma yana tiyata. Kar ki yi alfahari da wannan a sibi. A can nas da ta wuce iyakar aikinta haɗari ake ɗaukarta, ba gwana ba. In an tambaye ki a intabiyu me za ki yi in majinyaci ya rikice babu likita a kusa, amsar da suke so ita ce ki duba shi a tsare, hanyar iska, numfashi, bugun jini, ki yi abin da ke hurumin nas, ki kira na sama da ke nan take, ki rubuta komai da lokacinsa.

Lambobin da za ki sa su zama na gaskiya waɗanda metiron za ta iya sa hannu a kai. Kuma takardar shaidar aiki da asibiti zai ba ki ta faɗi ranar farawa, matsayinki, cewa cikakken aiki ne, da sunan sashen. In sibi ya ce imajansi takarda ta ce ɗakin mata, takarda za a bi. In akwai gibi, a ce kin zauna gida shekara ɗaya saboda haihuwa ko jinyar tsohuwa, ki rubuta shi a fili da dalilinsa, kar ki ja kwanan wata don ki rufe. Gibin da ya yi tsawo sosai yana sa wasu hukumomin Larabawa su ce sai kin koma aiki na wani lokaci kafin su duba ki, don haka kar ki ajiye aiki don kina shirin tafiya.

In kina da lokaci da hali, kwas ɗin ƙwarewa na bayan RN yana ɗaga sibi sosai, saboda NMCN tana yi masa rajista, wato akwai mai tabbatar da shi. Na ƙashi akwai a asibitin Dala a Kano, na ido a cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, na taɓin hankali a asibitin Barnawa, shi ma a Kaduna. Akwai kuma na tiyata da na imajansi da na kula da masu tsananin ciwo a manyan asibitocin koyarwa. Amma kwas ba tare da an mayar da ke sashen kin yi aiki ba rabin abu ne, in kin dawo ki roƙi a sa ki a wajen. Sai satifiket ɗin BLS, wato farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kusan kowane asibitin waje yana tambaya, wanda aka fi karɓa na ƙungiyar zuciya ta Amurka ne AHA, kuma shekara 2 yake yi ya mutu. Bitocin ƙungiyoyi na kwana biyu da muke tarawa a jaka kuwa, ki zaɓi biyu ko uku da suka shafi sashen da kike nema, sauran ki bar su a jakar.

Mataki na biyar: yare

Turanci tukunna. Cewa da Turanci aka koyar da ke ba ya wadatarwa a mafi yawan lokuta, NMC jarrabawa take so. Ko IELTS Academic, maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, jimla 7, ko OET, B a karatu da sauraro da magana, C+ a rubutu. Sakamakon shekara 2 yake yi. Ni in kin tambaye ni OET ya fi wa nas sauƙin kamawa duk da ya fi tsada, saboda komai a cikinsa na asibiti ne: a rubutu za a ba ki bayanan majinyaci ki rubuta wasiƙar tura shi wani waje cikin minti 45, a magana kuma ki zama nas wani ya zama majinyaci ko ɗan uwansa. IELTS kuwa za a iya ce miki ki yi sharhi a kan cunkoson motoci a birane. Inda mutanenmu suka fi faɗuwa sauraro ne, kunnenmu bai saba da saurin bakinsu ba, sai kuma f da p da suke haɗe mana, wanda a sunan magani ko lamba yana iya zama matsala ta gaske. In kin shiga gari inda sabis yake da ƙarfi ki sauke darussan sauraro a waya, ki riƙa ji da abin kunne a diyutin dare in an samu sarari, kina maimaitawa da ƙarfi. Kuma ki lissafa lokaci: kar ki yi jarrabawar Turanci da wuri sosai alhali ba ki gyara suna ba, ba ki sabunta lasisi ba, shekara biyun za su ƙare kina yawon ofis.

Larabci kuma a nan nake so mu ji tsoron Allah. Saukar Alƙur'ani da karatun Islamiyya ba su ne jin Larabcin asibiti ba. Tsohuwa Balarabiya za ta yi miki bayanin ciwon cikinta da yaren garinsu da sauri, ke kuma kin rubuta a sibi kin iya sosai, sai a bar ki da ita. A asibitocin Saudiyya rubutun fayil da maganar ma'aikata da Turanci ake yi, ba a sa Larabci sharaɗi ga yawancin guraben nas, don haka ba ki da dalilin ƙari. Sistarmu ta rubuta cewa tana karantawa da rubutawa, magana kuma matakin farko. Wannan kaɗai ya sa ta gaban wadda ko harafi ba ta sani ba, kuma za ta kama yaren da wuri in ta je.

Hausa da Fulatanci kar ki raina su ki bar su a waje. Ki rubuta Hausa a matsayin yaren uwa, Fulatanci kuma gwargwadon yadda kike ji. A Makka da Madina da Jidda akwai Hausawa mazauna da alhazai daga Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, tsoho ya faɗi a Mina ba ya jin komai sai Hausa, nas da za ta tambaye shi baba wane magani kake sha tana da amfani. In kin taɓa zuwa aikin Hajji cikin tawagar lafiya, ki sa shi da shekararsa, ki nemi takardar shaida.

Mataki na ƙarshe: inda za ki tura, da wanda za ki guje wa

Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da hukumar lafiya ta duniya WHO ta lissafa a 2023 cewa suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka tsarin Ingila ya hana asibitoci da ejan-ejan su zo su yi farautar nas a nan. Amma ke da kanki kina da damar nema kai tsaye a shafin NHS Jobs, inda asibitocin gwamnatin Ingila ke sa guraben aiki. Ma'anar wannan a wajenki ita ce duk wanda ya zo garinku ya ce shi wakilin asibitin Ingila ne yana ɗiban ma'aikata, ki kawo miliyan kaza ya samo miki takardar ɗaukar nauyi ta neman biza, to ki riƙe jakarki. Wannan takardar asibitin da ya ɗauke ki ne yake bayarwa, ba a sayar da ita. A shafin nasu fom ake cikewa, akwai wajen da za ki yi bayanin dalilin da ya sa kika dace, ki ɗauki sharuɗɗan da suka lissafa ɗaya bayan ɗaya ki amsa kowanne da misalin aikin da kika yi. Matakin da sabuwar nas mai rajista take farawa Band 5 ne.

Na Saudiyya kuma sau da yawa ta hannun ejan ake bi, to a nan ki buɗe ido. Ki ga kwantiragin a rubuce kafin ki sa hannu: sunan asibiti da garin, albashi, masauki, awannin aiki, hutun shekara da tikitin dawowa. Ki duba sana'ar da aka rubuta a biza, in ba nas aka sa ba aka sa mai aikin gida, ko aka ce ki shiga da bizar Umara a gyara daga baya, wannan hanyar zama takari ce ba hanyar asibiti ba, ko da kuwa ɗan uwan maigida ne ya kawo maganar. Kar ki ba kowa asalin satifiket ɗinki ya riƙe, hoto mai kyau da aka ɗauka da injin sikanin a shagon intanet ya isa a matakin nema, ba wanda aka ɗauka da waya a kan zanin gado inuwar hannu ta rufe rabin hatimi ba.

In gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin karatunki kuma kin sa hannu a yarjejeniyar yi mata aiki na wasu shekaru, ki gama ko ki warware ta a hukumance, sannan ki ajiye aiki da takarda ki karɓi amsa a rubuce. Metiron ɗin da kika gudu kika bari da rosta babu kowa, ita ce dai za a aika wa imel a tambaya ko ta san ki, kuma ba sau ɗaya ba, duk lokacin da kika canza asibiti ko ƙasa sai an sake komawa kanta.